Yadda Ake Gano Dalilin Makarar Kaya da Zanen Ƙashin Kifi

Idan kaya suka makara sau ɗaya, ana iya cewa tsautsayi ne. Idan kuwa kowane mako sai wani mai kanti ya bugo waya daga Keita ko Illela yana cewa kasuwa ta ci ta watse shinkafarsa ba ta iso ba, to ruwa ba ya tsami banza. Abin da yake sa irin wannan matsala ta daɗe a gidan kasuwanci shi ne kowa yana da amsarsa a baki, kuma kowace amsa da ƴar gaskiyarta a ciki. Maigida zai ce direba ne, direba zai ce hanya ce, magatakarda zai ce ƴan dako ne. A yi faɗa, a huce, mako mai zuwa kaya su sake makara.

Zanen ƙashin kifi hanya ce ta kwaso waɗannan amsoshi duka a shimfiɗa su a kan takarda ɗaya, kowace a gidanta, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya a ga wadda take da hujja. Kaoru Ishikawa, malamin injiniyanci a Jami'ar Tokyo, shi ya yaɗa shi a masana'antun Japan a shekarun 1960. Siffarsa ba ta da wuya: ana rubuta matsalar a gefen dama cikin akwati, wannan shi ne kan kifin. Daga nan a ja dogon layi zuwa hagu, ƙashin baya ke nan. Sai a fitar da manyan ƙasusuwa a karkace, wasu sama wasu ƙasa, kowane yana ɗauke da rukunin dalilai guda. A jikin kowane babban ƙashi kuma a rataya ƙanana.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ga wani mai sarin kayan masarufi a Tawa: shinkafa, sukari, man girki, taliya, sabulu. Yawancin kayansa daga Yamai suke zuwa, ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙwanni, tafiyar da ta haura kilomita 500. Yana da mangaza ɗaya, kamiyo ɗaya mai ɗaukar tan 10, direba da yaron mota, magatakarda, da ƴan dakon da ake kira idan lodi ya tashi. Yana kai wa masu kanti kaya a Badagishiri, Illela, Keita da Buza. Alƙaluman da za su biyo baya duk na misalin ne, kai da naka za ka yi aiki.

Fara da kan kifin

Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, kuma nan ne aikin yake lalacewa tun ba a fara ba. Idan ka rubuta "kaya suna makara" a cikin akwatin, ba ka faɗi komai ba, domin kowa da abin da yake nufi da makara. A wurin direba, in ya iso garin kafin tsakar dare ya cika alkawari. A wurin mai kanti, kayan da suka iso bayan ya rufe ƙofa na gobe ne, kuma in goben ita ce ranar kasuwa, zai kwana biyu bai manta ba.

Saboda haka sai ka tsayar da abu uku kafin ka ja layi ko ɗaya: wane alkawari aka yi, a wane tsawon lokaci ake dubawa, kuma sau nawa aka saɓa. A misalinmu alkawarin shi ne kaya su isa ƙofar kanti a jajibirin kasuwar garin, kafin magariba. An duba wata biyu, Yuni da Yuli, an kai kaya sau 60, sau 21 sun isa bayan magariba ko washegari. Abin da za a rubuta a kan kifin ke nan: "Yuni da Yuli, a cikin kai kaya 60, 21 sun isa bayan magaribar jajibirin kasuwa."

Za a sami wanda zai ce a haɗa da kayan da suka iso ba cikakku ba, ko buhunan da suka jiƙe. Kada ka yarda. Waɗannan matsaloli ne na gaske, amma kowace da kifinta daban. In ka cusa su a nan, dalilansu za su cakuɗe da na makara, ka wayi gari da takarda cike da rubutu wadda ba ta nuna maka ko'ina.

Tara lokutan kafin a zauna

Zane ba ya ƙirƙiro hujja. Kafin ka tara mutane, ka nemi lokuta biyar na kowace tafiya: sa'ad da odar ta shigo, sa'ad da aka fara lodi, sa'ad da mota ta bar ƙofar mangaza, sa'ad da ta isa, da sa'ad da aka gama saukewa. Yawancin gidaje ba sa rubuta wannan, amma sawunsa yana nan in an nema. Saƙon muryar da mai kanti ya aiko ta WhatsApp yana ɗauke da lokacinsa. Takardar shan gazuwal tana da kwanan wata, wani lokaci har da ƙarfe nawa. Kiran da direba ya yi ya ce "mun tashi" yana cikin wayar magatakarda. Mai gadi ma yakan tuna ko motar ta fita kafin azahar ko bayanta.

In ba a samu komai ba, a sayi littafin ƴan makaranta a ba magatakarda da yaron mota, a yi mako uku ana rubutawa, sannan a zauna. Jinkirin mako uku ya fi zaman da za a cika shi da "ina jin" da "kamar dai".

Manyan ƙasusuwa: yadda ake zaɓen rukunai

Wanda ya koyi wannan zane a makarantar kasuwanci a Yamai, da wuya bai haddace rukunai biyar da ake kira 5M ba: kayan da ake sarrafawa, injuna, hanyar aiki, ma'aikata, da muhalli. Wasu suna ƙara na shida, wato awo. An tsara su ne don masana'anta, inda ake tambayar me ya sa abin da inji ya fitar ya lalace. Ana iya amfani da su a kan makarar kaya, sai dai a ganina ba su dace da ita sosai ba. Kusan duk abin da aka ambata sai ya faɗa ƙarƙashin "ma'aikata" ko "hanyar aiki", waɗannan biyun su kumbura, sauran su zauna fayau. Ga shi kuma da zarar an rubuta "ma'aikata" a allo, kowa ya fara kare kansa.

Makara magana ce ta lokaci, lokacin kuma a wani wuri yake zubewa tsakanin shigowar oda da sauke buhu na ƙarshe. Don haka abin da ya fi shi ne rukunan su bi sawun kayan. A misalinmu shida sun isa. Na farko karɓar oda, wato duk abin da ke faruwa daga kiran mai kanti zuwa rubuta abin da yake so. Na biyu kaya a mangaza: suna nan ko babu, kuma a ina aka jibge su. Na uku takarda da lodi, daga fitar da takardar kai kaya zuwa ɗaure tamfol. Na huɗu mota, da lafiyarta da manta da direbanta. Na biyar hanya. Na shida mai karɓa, domin shi ma yana iya zama sanadin makarar kayansa.

Amfanin wannan tsari biyu ne. Ɗaya, kowane rukuni yana faɗawa cikin wata tazara tsakanin lokutan nan da ka tara, saboda haka kana iya auna shi da agogo. Biyu, kowane rukuni yana da wanda ya san shi ciki da bai, wanda kuma gyaransa yake hannunsa.

Rukunai huɗu zuwa shida su ne daidai. In sun kai tara ko goma, to wasu ƙananan dalilai ne suka hau matsayin manya. "Taya", alal misali, ba rukuni ba ne, ɗan gidan "mota" ne. In kuma uku ne kawai, akwai wanda ya haɗiye ɗan'uwansa, galibi "mangaza" ce take haɗiye oda da kaya da lodi gaba ɗaya, alhali aiki uku ne na mutane daban-daban. Kuma kada ka buɗe ƙashi mai suna "sauransu". Duk abin da aka rasa inda za a sa shi can zai tafi, ba kuma wanda zai sake waiwayarsa.

Akwai dalilan da za su tsaya tsakanin gida biyu, kuma za a ɓata lokaci ana gardama a kansu in ba a kafa ƙa'ida ba. Ɗauki layin gidan mai da safe. Na "mota" ne ko na "hanya"? Ƙa'idar da nake bi ita ce a tambaya: in za a gyara wannan, wa zai gyara, kuma a ina? Layin gidan mai ba a gyara shi a kan titi, ana gyara shi ne ta hanyar cika tanki tun daren jiya, wannan kuwa shirin mota ne. To ya tafi ƙarƙashin "mota". In kuma abu ɗaya ya ƙi zama a gida guda, ya ɓullo nan ya ɓullo can, rubuta shi a duk inda ya ɓullo, ka kewaye shi da jan alƙalami. Dalilin da ya bayyana a ƙashi biyu ko uku, sau da yawa shi ne wanda ake nema.

Zaman kansa

Waɗanda hannunsu yake taɓa aikin su ne za su zauna: magatakarda, direba, yaron mota, shugaban ƴan dako, mai kula da mangaza, in da hali da mai kanti ɗaya cikin masu yawan ƙorafi, ko ta waya ce. Mutum biyar zuwa bakwai, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A samu allo da alli, ko bayan babban kwali. Tun da ba kowa ke karatu ba, duk abin da aka rubuta a karanta shi da ƙarfi, a tambayi wanda ya faɗa ko haka yake nufi.

Maganar maigida tana son dabara. In Alhaji yana zaune a gaba, yaron mota ba zai buɗe baki ya ce takarda ce take makara ba, tun da ya san hannun wa take jira. In kuma ba ya nan sam, ba zai yarda da abin da aka gano ba. Abin da ya fi shi ne ya buɗe zaman, ya faɗa da bakinsa cewa ba a zo neman mai laifi ba, ya tashi ya ba su wuri, ya dawo lokacin da za a karanta sakamako. Mai riƙe da alli kuma ya fara tambaya daga ƙaramin cikinsu, domin in babba ya riga magana, na ƙasa sai dai su ce haka ne.

A bi ƙasusuwan bi da bi, tambaya ɗaya a kowane: me ke faruwa a nan da yake cin lokaci? Ga irin abin da ya fito a misalinmu. A ƙarƙashin karɓar oda, masu kanti suna aiko saƙon murya har tsakar dare, wasu su ƙara kaya da safe bayan an fara lodi. A ƙarƙashin kaya a mangaza, sukari ko mai ya ƙare ana jiran motar Yamai, ko kuma kayan suna nan amma an danne su da wasu. A takarda da lodi, takardar kai kaya ba ta fita da wuri, ƴan dako sun tafi wani aiki, an loda kayan garin farko a can ciki sai an sauke an sake jerawa. A mota, kuɗin gazuwal sai da safe ake bayarwa, taya ta tsufa, batir ba ya tashi sai an tura. A hanya, ruwa ya cika kwari an tsaya jira, ga tsayawa a shingen bincike. A mai karɓa, an iso ba ya nan, ko ba shi da masu saukewa.

Yayin da ake rubutawa, mai alli ya tsare ƙofa daga abu uku.

Na farko sunan mutum. In wani ya ce "direba ne", a tambaye shi me direban yake yi, a wace rana, sai a rubuta aikin, a bar mutumin.

Na biyu kalmomin da ba a iya aunawa, irin su sakaci, lalaci, rashin tsari. Ba wanda zai iya zuwa ya duba sakaci da idonsa. Amma "ba a duba mai da ruwan mota sai an gama lodi" abu ne da za a iya tsayawa gobe da safe a gani ko gaskiya ne.

Na uku ya fi wuyar ganewa, shi ne magani da ya yi shigar dalili. Direba zai ce matsalar ita ce rashin mota ta biyu. Wannan ba dalili ba ne, shawarar sayen mota ce. Mai alli ya mayar masa da tambaya: ranar da kaya suka makara, motar tana ina? In amsar ita ce tana tsaye a ƙofar mangaza tun ƙarfe 7 ba a loda ta ba, to mota ta biyu ma gefenta za ta tsaya. Duk jimlar da ta fara da "rashin", a dube ta sau biyu.

Gangarawa ƙasa da "don me?"

Abin da aka rubuta zuwa yanzu alamomi ne kawai. Kowane ɗaya sai an bi shi da "don me?" har a kai ga abin da hannu zai iya canzawa. Masana'antar Toyota ta yi suna da yin wannan tambaya sau biyar a jere, amma biyar ɗin ba farilla ba ce, wani dalilin a ta uku yake ƙarewa.

Ga yadda ta kaya da maganar ƴan dako. Magatakarda ya ce lodi ba ya farawa sai wajen ƙarfe 11 domin ƴan dako ba sa nan. Aka juya ga shugabansu, dattijo ne, mai alli ya ce, "Baba, don me ba ku nan da safe?"

Ya ce, "Ɗana, mu tun ƙarfe 7 muna ƙofar nan. Amma buhu ake biyanmu, ba zama ba. In mun yi awa guda ba takarda, ga kamiyon siminti ya tsaya can yana neman hannu, mi za mu jira?"

Sai ƙaramin ƙashi ya fito a jikin na ƴan dako: suna tafiya ne domin takarda ba ta fito ba. To don me ba ta fito ba? Magatakarda ya ce yana gama rubuta ta tun ƙarfe 8, sa hannu take jira. Don me take jiran sa hannu? Domin ba a fitar da kaya sai Alhaji ya duba bashin da ake bin mai kantin, shi kuma sai ya zaga kasuwa da banki, wajen ƙarfe 10 yake isowa. Don me sai shi zai duba? Domin littafin bashi a hannunsa yake, kuma iyakar abin da ake iya ɗaga wa kowane mai kanti a kansa take, ba a rubuta ta ko'ina ba.

A nan za a tsaya, domin an iso ga abin da za a iya canzawa cikin yini ɗaya. Wannan ita ce alamar tsayawa: in amsa ta gaba za ta kai ka ga halin mutum, ko ga abin da ya fi ƙarfin gidan kamar farashin mai ko yanayin damina, to ka wuce wurin, koma baya taki ɗaya.

Ka lura kuma da inda jan alƙalami ya yi aiki. Jiran Alhaji ya fito a ƙarƙashin takarda. Da aka bi maganar kuɗin gazuwal a ƙarƙashin mota, nan ma shi ake jira ya buɗe akwati. Da aka bi ƙarin oda da safe, aka tarar masu kanti sun riga sun gane motar ba ta tashi da wuri, shi ya sa suke ƙara kaya hankali kwance, ƙarin kuma ya sake jinkirta lodin. Abu ɗaya a ƙasusuwa uku.

Ƙirga, domin zane ba ya nuna nauyi

A kan allo, ruwan da ya cika kwari da takardar da ke jiran sa hannu tsawonsu ɗaya, kowane ɗan layi ne. Wannan ita ce babbar kasawar zanen: yana jera waɗanda ake zargi, ba ya yanke hukunci. Wasu sukan rufe zaman da ɗaga hannu, a zaɓi dalilin da ya fi samun goyon baya. Ban ga amfanin haka ba in akwai lokuta a rubuce, domin abin da mutane suka fi tunawa shi ne wanda ya fi ba su wahala, ba wanda ya fi yawan faruwa ba. Daren da aka kwana a bakin kwari ana jiran ruwa ya janye ba ya fita a ran direba, safiya goma da ya yi yana shan shayi a ƙofar mangaza kuwa ba ya ƙirga su.

Sai a ɗauko tafiye-tafiyen nan 21 a bi su ɗaya-ɗaya. Kowace tafiya a ba ta dalili guda tak, wato abin da ya fara karya lokacin, a ja ɗan layi a gefen wannan ƙashin. In akwai dalili na biyu a rubuta shi a gefe, amma kada a ƙirga shi, in ba haka ba jimla za ta wuce 21 lissafi ya rikice.

A misalinmu, tsarin gidan shi ne mota ta tashi ƙarfe 9. Da aka ƙirga, 11 daga cikin 21 motar ba ta bar mangaza ba sai bayan ƙarfe 12, alhali kaya suna nan, motar kuma lafiyarta ƙalau. Sau 4 ana jiran kaya daga Yamai. Sau 3 mota ta lalace. Sau 2 ruwa ya tare hanya. Sau 1 mai kanti ne ba ya nan. Hanya, wadda ita ce kowa ya fara ambata, 2 ta samu. 

Saura gwaji ɗaya da bai kamata a tsallake ba, shi ne duba tafiye-tafiye 39 da ba su makara ba. In a cikinsu ma mota takan tashi bayan ƙarfe 12 kuma ta isa lafiya, to tashin makara ba shi ne dalili ba, a koma allo. A misalinmu an tarar 5 ne kawai cikin 39 suka tashi bayan 12, kuma duka biyar ɗin Badagishiri suka nufa, wadda take kan kwalta kuma ba ta da nisa. Wannan ya ƙara ƙarfafa zargin, ya kuma nuna cewa garuruwan nesa ne ba sa jure jinkirin safe.

Lokacin da Alhaji ya dawo, da alƙaluma za a tare shi, ba da zargi ba. Magatakarda yana iya cewa, "Alhaji, ranka ya daɗe, ga ranakun nan 11, ga lokacin da takarda ta kammala, ga lokacin da mota ta fita." Tazarar da ke tsakani za ta yi bayanin da kanta.

Gyara ɗaya, sannan a sake aunawa

Za a ji sha'awar gyara komai a lokaci guda. In aka yi haka kuma abu ya yi kyau, ba za a san wanne ne ya yi aiki ba, in ya ƙi ma haka. A kama mafi nauyi tukuna. A nan gyaran bai ci ko dala ba: Alhaji ya rubuta iyakar bashin kowane mai kanti, a ce wane jikka 500, wane jikka 200, ya ba magatakarda izinin sa hannu muddin odar ba ta haura iyakar ba. Wadda ta haura a kira shi a waya tun da yamma. A rufe karɓar oda da la'asar ɗin ranar da ta gabaci tafiya, abin da ya shigo bayan nan ya bi mota ta gaba. Kuɗin gazuwal a bayar da yamma, a kwana da tanki cike. Duka ukun abu ɗaya suke nufa, wato lokacin tashin mota, don haka ana iya auna su da ma'auni ɗaya.

Masu kanti za su yi gunaguni a kan rufe oda a makon farko, wani ma zai kira Alhaji kai tsaye ya roƙi a ƙara masa katan biyar na taliya. In aka ɗaga ƙafa sau biyu, dokar ta mutu. Gara a sanar da su tun da wuri, a kuma gaya musu abin da za su samu a madadin haka.

A ci gaba da rubuta lokutan nan biyar har wata guda, a duba abu biyu: sau nawa mota ta fita kafin ƙarfe 9, kuma sau nawa kaya suka makara. In na farko ya gyaru na biyu ya ragu, an kama dalilin. In mota tana fita da wuri amma makara tana nan yadda take, to an yi kuskuren ganewa, sai a koma ga ƙashi na gaba. In kuwa motar ma ba ta fara fita da wuri ba, ba a gwada maganin ba tukuna, sai a binciki abin da ya hana.

Ko an yi nasara, makara ba za ta koma sifili ba, domin sauran 10 ɗin suna nan. Na gaba a layi shi ne jiran kayan Yamai, wanda yake son a san kwana nawa sukari da mai suke ɗauka daga oda zuwa isowa, a kuma tsayar da adadin buhunan da in kaya suka sauko gare shi za a sake yin oda. Wannan ya isa a zana masa nasa kifin. Ruwa da shingen bincike kuwa ba a hannunka suke ba, abin da ke hannunka shi ne alkawarin da kake yi: a damina ka ƙara rabin yini a kan garuruwan da sai an ƙetare kwari, ko ka tura kayansu kwana biyu kafin kasuwa.

Ka ɗauki hoton allon da waya ka rubuta watannin da ya shafa, domin nauyin ƙasusuwan yana canzawa da lokaci. Zanen Yuni da Yuli ba zai yi maka aiki a watan Maris da Afrilu ba, sa'ad da albasar Galmi da kewaye take fitowa, motocin haya da ƴan dako su yi wuyar samu. Haka ma watan azumi, da lodin tsakar rana yake ja, oda kuma take ninkuwa gab da salla. Rukunan shida suna nan yadda suke, ƙirgar ce za a sake daga farko da tafiye-tafiyen wannan lokacin.